Yadda Ake Karanta Alamomin Ajiya a Kwalin Magani Kuma a Yi Aiki da Su

Tambayoyi iri ɗaya ake ta aiko mini. An rubuta a ajiye a wuri mai sanyi, firji ake nufi? Sirof ya wuni a cikin mota, a ci gaba da bai wa yaro ko a zubar? Mene ne wannan hoton lema da ke gefen kwali? Na ga gara in haɗa amsar wuri guda, a kan tsarin da ni kaina nake bi idan magani ya shigo hannuna.

Ku riƙe abu ɗaya tun daga farko. Ranar ƙarewar wa'adi da ke jikin kwali alkawari ne mai sharaɗi. Kamfanin da ya yi maganin ya gwada shi ne a wani zafi da wani danshi da aka ƙayyade, ya ga tsawon lokacin da zai riƙe ƙarfinsa, sannan ya buga ranar. Sharaɗin shi ne ɗan rubutun nan da ƙananan hotunan da ido ke tsallakewa. Idan aka karya sharaɗin, ranar ba ta da sauran tabbas, ko da saura shekara biyu ta cika.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai ma'aunin zafi na ɗaki, kuma mafi amfani shi ne mai lambobi wanda ke tuna mafi zafi da mafi sanyin da ya gani. Sai alƙalamin maka ko biro da ba ya gogewa, roba mai murfi da ke rufuwa gam, da ƙaramar kula idan kuna da maganin firji. Ma'aunin ne kawai zai ci ɗan kuɗi, kuma kuɗinsa bai kai asarar kwalbar insulin ɗaya ba.

1. Ku nemo inda aka rubuta sharaɗin

Wuri uku ake dubawa: gefe ko bayan kwali, takardar da ke manne a jikin kwalba, da kuma takardar bayani da ke naɗe a ciki. Kwali yakan ɗauki jimla ɗaya kawai saboda ƙarancin wuri. Cikakken bayanin yana cikin takardar, galibi wajen ƙarshenta, ƙarƙashin sashen yadda ake ajiya. A can ne za ku ga abin da kwali bai faɗa ba, kamar kwana nawa maganin ke yi bayan an buɗe shi.

Gargaɗi: kada ku yar da kwali da takardar sai maganin ya ƙare. Idan kuma an yanko muku kati ɗaya ne aka ba ku ba kwali, ku tambayi mai harhaɗa maganin yadda ake ajiye shi tun kuna tsaye a gabansa, ku rubuta. A duba kuma ko almakashi bai yanke gefen da ranar ƙarewa take ba.

2. Ku karanta lambar, ita ce hukunci

Kalmomi irin su "wuri mai sanyi" ko "zafin ɗaki" suna ruɗar mutane, domin sanyin wani zafin wani ne. Lamba kuwa ba ta da fassara biyu, kuma ko da wane harshe aka buga kwalin za ku gane ta. Ku nemi lamba mai ɗan zagaye a samanta da harafin C, kamar 25°C. Wani lokaci tana zuwa da hoton ma'aunin zafi. Idan lambar tana sama ta hannun dama, iyakar zafi ce, kada a wuce ta. Idan tana ƙasa ta hagu, iyakar sanyi ce, kada a sauka ƙasa da ita. Idan akwai biyu, tsakaninsu ake so.

Rukuni huɗu za ku riƙa gani. Na farko, kada ya wuce 25°C ko 30°C, wanda shi ne na yawancin ƙwayoyi, kafso, man shafawa da sirof. Na biyu, 8 zuwa 15°C, wanda a ƙa'idar littattafan harhaɗa magani shi ne ainihin "wuri mai sanyi". Na uku, 2 zuwa 8°C, wato firji. Na huɗu shi ne firiza, inda lambar ke zuwa da alamar ragewa a gabanta, kuma da wuya irin wannan ya zo gida, na asibiti ne da ɗakin gwaji.

Bambancin 25 da 30 ba zaɓin ra'ayi ba ne. Maganin da aka rubuta wa 30°C an gwada shi ne na dogon lokaci a zafi 30, wasu ma da danshi kashi 75 cikin ɗari, domin a sayar da shi a ƙasashe masu zafi da raɓa. Wanda aka rubuta wa 25°C kuwa, ko dai a nan kawai aka gwada shi, ko kuma an ga ba ya jure 30. Saboda haka idan ɗakinku ba ya sauka ƙasa da 28 a mafi yawan shekara, kuma akwai irin maganin guda biyu a kanti, ɗaya mai 25 ɗaya mai 30, ni na biyun zan ɗauka.

To idan an rubuta "a ajiye a wuri mai sanyi kuma busasshe" kawai, ba lamba? Wannan tsohon salon rubutu ne da har yanzu ake gani, musamman a kan bitamin da kayan ƙarin lafiya. A aikace ana nufin wuri mafi sanyi a cikin gida, nesa da wuta da rana da ruwa. Ba firji ake nufi ba, domin firji yana da sanyi amma ba busasshe ba ne.

Gargaɗi: wasu kwalaye suna amfani da harafin F. 77°F daidai yake da 25°C, 86°F shi ne 30°C, sannan 36 zuwa 46°F shi ne firji. Wanda ya ga 77 ya ɗauka maganin yana jure kowane irin zafi ya yi babban kuskure.

3. Ku auna wurin da kuke ajiya

Wannan matakin ne kusan kowa ke tsallakewa, alhali shi ne ke mayar da lambar kwali abin aiki. Jiki ba ma'auni ba ne. Wanda ya saba da zafi zai shiga ɗaki mai 32 ya ce ai akwai sanyi.

Ku sa ma'aunin a daidai inda maganin yake zama, cikin durowar ko kabad ɗin, ba a bangon ɗaki ba. Ku bar shi kwana biyu ko uku, ku duba lamba mafi girma da ya tuna. Idan ma'aunin naku ba mai tunawa ba ne, ku riƙa dubawa tsakanin azahar da la'asar, sannan ku sake dubawa da farkon dare, domin bango da rufi suna riƙe zafin rana su sake shi bayan ta faɗi. Ku sake wannan gwajin idan lokacin zafi ya kama, saboda wurin da ya ci jarrabawa a lokacin sanyi yana iya faɗuwa daga baya.

Za ku tarar cewa zafi a ɗaki ɗaya ba iri ɗaya ba ne. Saman kabad kusa da rufi ya fi ƙasa zafi, domin iska mai zafi sama take hawa. Bangon da rana ke duka da yamma ya fi na ciki zafi. Saman firji, inda mutane da yawa ke jera magani saboda yara, yana samun hucin da injin ke fitarwa ta baya. Wurin da ya fi dacewa shi ne kabad ko durowa a jikin bangon ciki, ba can sama ba, a ɗakin da ba a girki kuma ba a wanka. Matsalar ita ce hannun yara yana kaiwa ƙasa, don haka makulli ne maganinta, ba ɗagawa sama ba.

Gargaɗi: mota ba wurin ajiya ba ce ko na awa biyu. Motar da aka rufe a rana cikinta na iya haura 50°C, kuma aljihun gaba da saman dashbod sun fi ko'ina. Idan kun sayo magani, ku mai da shi sayayyar ƙarshe kafin komawa gida.

4. Maganin firji: inda ake sa shi da inda ba a sa shi

Lambar 2 zuwa 8°C tana da iyaka biyu, kuma ta ƙasan ta fi ta saman haɗari, duk da mutane zafi kawai suke tsoro. Shi ya sa kusan kullum take tafiya da gargaɗin kada a daskarar, wani lokaci da hoton ƙanƙara da aka ja wa layi. Insulin furotin ne, idan ya daskare tsarinsa yana lalacewa, kuma narkewa ba ta mayar da shi. Haka alluran rigakafi irin na ciwon hanta nau'in B da na tetanus suke, daskarewa ɗaya ta isa ta rage musu ƙarfi. Ɗan ɗumi na wasu awoyi sau da yawa yana da sauƙi a kan dare ɗaya na ƙanƙara.

Ga yadda ake yi. Ku bar maganin cikin kwalinsa, ku sa shi a roba mai murfi, ku ajiye a shantar tsakiya. Kada ya jingina da bangon baya, domin nan ne sanyi ke fitowa, nan ne kuma abubuwa ke daskarewa. A ƙaramin firji mai ɗan akwatin ƙanƙara a sama, shantar da ke ƙarƙashin akwatin kai tsaye ita ma tana daskarar da abu. Ƙofa kuwa ita ce ta fi ɗumi, kuma duk buɗewa ɗaya sai zafinta ya motsa. Ku sa ma'aunin zafi kusa da robar, ku juya maɓallin firjin har lambar ta zauna wajen 5, wadda ke tsakiya, tana da sarari ta sama da ta ƙasa.

Idan wuta ta ɗauke, abu na farko shi ne a bar ƙofar a rufe. Firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi na wasu awoyi. Robobin ruwa biyu ko uku da ke zaune a ciki kullum suna ƙara wannan lokacin, domin ruwa yana riƙe sanyi fiye da iska. Idan rashin wutar zai daɗe, a koma kula.

Gargaɗi: a cikin kula, kada kwalbar magani ta taɓa ƙanƙara. Ƙanƙarar da ta fito daga firiza tana ƙasa da sifili sosai. A bar ta a waje har ta fara zufa, ana jin ruwa na motsi a ciki idan an girgiza robar, sannan a sa ta, a raba ta da maganin da kwali ko tawul. Da yawa daga insulin da ya lalace a tafiya, taka-tsantsan ne ya yi yawa aka manna shi da ƙanƙara.

Akwai dabarar sanya ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Tana rage zafi da gaske inda iska take a bushe, kuma tana taimaka wa maganin da ake so ya zauna ƙasa da 25 ko 30. Amma ba ta kai 8°C, saboda haka ba ta maye gurbin firji ga abin da aka rubuta wa 2 zuwa 8. Idan za a yi amfani da ita, maganin ya kasance cikin roba da ke rufuwa gam saboda danshi.

Akwai kuma akasin wannan duka, wato rubutun kada a sa a firji. Sirof ɗin kilaritiromaisin misali ne, bayan an haɗa shi da ruwa a waje ake barin sa. Wasu sirof ɗin kuma sanyi na sa abin da ke narke a cikinsu ya fito ya kwanta a gindin kwalba. Firji ba ƙarin tsaro ba ne ga kowane magani, don haka abin da ba a ce a sa ba, kada a sa.

5. A kare daga haske

Hoton shi ne rana da haskenta a saman wani ɗan akwati ko rufi. A rubuce kuma yakan zo da jimlar a bar shi cikin kwalinsa na asali. Haske, musamman na rana, yana farfasa wasu sinadarai. Nifedifin, maganin hawan jini, yana daga cikin waɗanda aka fi sani da wannan, haka ma bitamin B2 da wasu alluran. Don haka ne ake zuba su a kwalba mai launin ruwan ƙasa, ko a kati mai duhu, ko wanda aka rufe da azurfar leda gaba da baya. Duk inda kuka ga irin wannan mazubin, ku ɗauka akwai dalili ko da ba ku ga rubutun ba.

Aikinku a nan kaɗan ne: ku fitar da abin da za ku sha, ku mayar da sauran cikin kwali. Kwalbar allura ko ta ɗigon ido mai haske garau da aka rubuta wa wannan gargaɗin, kwalinta ne kaɗai garkuwarta, har a cikin firji.

Gargaɗi: akwatin nan na roba mai gidajen kwanakin mako yana taimaka wa tsofaffi su tuna shan magani, amma yana raba ƙwaya da kariyarta daga haske da danshi. Kafin ku ɓare ƙwayoyin mako guda ku zuba, ku duba ko an rubuta a bar su a mazubinsu na asali. Idan an rubuta, ku yanka katin gida-gida da almakashi ba tare da huda shi ba, ku sa kowace ƙwaya da rigarta.

6. A kare daga danshi

Hoton lema da ɗigon ruwan sama a kanta yana nufin a bar shi a bushe. Wasu suna ganin tunda ruwa bai zuba a kan maganin ba, shi ke nan. Ruwan da ake tsoro shi ne wanda ke cikin iska, tururin wanka da na tukunya da raɓar damina. Banɗaki da kicin sun fita daga lissafi saboda wannan.

Ƙwayoyin da ake jefawa a ruwa su yi kumfa su ne suka fi saurin kamuwa, da zarar sun sha danshi sai su fara aikinsu tun a cikin bututu, su kumbura su farfashe. Asfirin idan ya sha danshi yana rabuwa, ya fitar da wari mai tsami irin na binega, kuma wannan warin shaida ce ta a zubar. Tsinken gwajin suga kuma matsalarsa ta fi ɓoyuwa, domin ba ya sauya kama, lambar da yake bayarwa ce kawai take zama ƙarya, mutum kuma ya gina allurarsa a kanta.

Ɗan ƙullin nan da ake tararwa a kwalba, ko wanda aka lika a cikin murfi, aikinsa shan danshi. Ku bar shi a ciki har maganin ya ƙare, kada a ci, kada kuma a bar wa yaro. Ku rufe murfi nan take, ba bayan kun gama sha ba. Kada ku zazzage ƙwayoyi a jiƙaƙƙen hannu ku mayar da saura. Kati kuwa kowace ƙwaya da ɗakinta, saboda haka wadda ledarta ta huje a jaka ta rasa kariya ko da 'yan'uwanta lafiya suke.

7. Ku rubuta ranar buɗewa

Ranar da ke kan kwali ta maganin da ba a buɗe ba ce. Idan wata da shekara kawai aka rubuta bayan haruffan EXP, yana aiki har ranar ƙarshe ta wannan watan. A kan kayan gwaji da sirinji, hoton agogon yashi ne ke nuna wannan ranar, hoton masana'anta kuma na ranar da aka yi shi ne, kada a haɗa su. Amma magunguna da yawa, daga lokacin da aka buɗe su wani sabon lissafi yake farawa, kuma duk wanda ya riga cika tsakanin biyun shi ake bi. A kayan shafa, hoton buɗaɗɗen mazubi mai 6M ko 12M yana nufin wata 6 ko 12 bayan buɗewa.

Bari mu bi misali guda har ƙarshe. A ce an dawo gida da leda mai abu uku: garin sirof na amoksisilin da kilabulanik asid na yaro, ɗigon ido, da kwalbar insulin ta babba.

Garin sirof ɗin, muddin a bushe yake, sharaɗinsa kada ya wuce 25°C kuma a kare shi daga danshi. Kabad ne wurinsa. Da zarar an zuba masa ruwa zuwa layin da ke jikin kwalba, sharaɗin ya sauya gaba ɗaya: firji, 2 zuwa 8°C, kuma kwana 7 a yawancin kamfanoni, wasu 10. Dalili shi ne kilabulanik asid ba ya daɗewa a cikin ruwa, zafi kuma yana ƙara masa saurin lalacewa. Idan an haɗa ranar 3 ga wata, a rubuta a jikin kwalbar: an haɗa 3, a zubar 10. Kwalba mai mililita 70 da ake ba da mililita 5 sau biyu a rana za ta ƙare cif a kwana 7, domin da ma haka aka auna ta. Idan likita ya rubuta kwana 10 ya ba da kwalba biyu, kada a haɗa ta biyun sai ta farkon ta ƙare. Sabon haɗi yakan kasance fari ko ruwan madara. Idan ya kwana a waje cikin zafi ya fara komawa rawaya mai duhu ko ruwan ƙasa, ya tafi. Illar ci gaba da ba da shi ita ce yaro yana shan magani marar cikakken ƙarfi, ciwon bai warke ba, a ɗauka maganin ne bai dace ba.

Ɗigon ido kuma, yawancinsu mako 4 ne bayan buɗewa. A nan ba ƙarfin maganin kaɗai ake dubawa ba, ƙwayoyin cuta ne ke iya shiga ta bakin kwalbar su kai ga ido. An buɗe 3 ga wata, a zubar 31. Wasu, kamar ɗigon kuloramfenikol, firji suke so, don haka a duba lambar. Masu zuwa a 'yan ƙananan robobi na sau ɗaya ba su da sinadarin hana lalacewa, ana amfani da su a yar.

Insulin shi ne mai sharaɗi biyu a lokaci guda. Wanda ba a fara ba yana firji har ranar ƙarewarsa. Wanda aka fara yana iya zama a waje, ƙasa da 25 ko 30°C gwargwadon abin da takardarsa ta ce, na kusan kwana 28 ga nau'o'i da yawa, wasu kuma har mako 6. Yanzu ku yi lissafi. Kwalba mai mililita 10 yawanci tana ɗauke da yunit 1000. Mai yin yunit 20 a rana zai yi amfani da 560 ne a kwana 28, saura 440 da wa'adinsu ya cika. Na san zubar da wannan yana da ciwo ga mai saye da kuɗinsa, kuma a nan ne mutane ke ci gaba da amfani har suga ya fara hawa ba a san dalili ba. Abin yi shi ne a kai wa likita ko mai harhaɗa magani wannan lissafin. Alƙalamin insulin mai mililita 3 yunit 300 ne, zai ƙare wa irin wannan mutumin a kwana 15 ba tare da asara ba, kuma wani nau'in kwalbar wa'adinsa ya fi tsawo.

8. Sauran alamomin da ake haɗuwa da su

Lamba 2 a cikin zagaye da aka ja wa layi tana nufin sau ɗaya ake amfani, kamar sirinji. Hoton kwali da ya yage aka ja masa layi yana cewa kada a yi amfani idan ledar ta huje, domin tsabtar abin da ke ciki ta tafi. Buɗaɗɗen littafi na cewa a karanta takardar bayani. Kibiya biyu masu kallon sama suna nuna yadda za a tsayar da kwali.

Inhelar feshi ta masu asma da duk wani gwangwanin feshi suna da iska a matse, shi ya sa ake rubuta kada su wuce 50°C, kada a huda, kada a jefa a wuta ko da sun ƙare. Hoton harshen wuta a cikin jan murabba'i da ke tsaye kan kusurwarsa yana nufin abin yana kamawa da wuta, kamar sanitaiza da sifirit. Maganin matsi da ake sawa ta dubura an yi shi ne don ya narke a zafin jiki, saboda haka ɗaki mai zafi ma yana iya narkar da shi.

9. Idan sharaɗin ya riga ya karye

Kada ku yi saurin zubarwa, kada kuma ku yi saurin sha. Ku tattara amsar tambaya uku: wane magani ne, zafi ko sanyi nawa ya gani, kuma na tsawon wane lokaci. Lalacewar zafi taruwa take yi. Ƙwayar farasitamol da ta yi wuni ɗaya a 33°C ba ta zama guba ba, domin ana gwada irin waɗannan magungunan har a 40°C na wata 6 kafin a ba su lasisi. Wadda ta yi wata huɗu a aljihun mota kuwa wani zance ne. Busassun ƙwayoyi sun fi haƙuri, masu ruwa sun fi rauni, na firji kuma su ne ba a yi musu zato.

Akwai waɗanda ake zubarwa ba tare da shawara ba: duk maganin firji da ya daskare, insulin mai garau da ya yi gajimare, ko mai fari-fari da ya yi gudaji ko ya manne a jikin kwalba, kafso da suka lanƙwame da juna, ƙwayar da ta sauya launi ko ta yi ɗigo-ɗigo, man shafawa da ruwansa ya rabu da mansa, da sirof da ya yi kumfa ko murfinsa ya kumbura.

Gargaɗi: rashin ganin alama ba shaidar lafiya ba ne. Insulin da zafi ya raunana yana iya kasancewa garau kamar sabo, sai dai ma'aunin suga ya tona shi. Idan maganin na ciwon da rai ya dogara a kai ne, kamar na suga, farfaɗiya, zuciya ko asma, kada ku daina sha ku zauna haka. Ku kai shi da kwalinsa wurin mai harhaɗa magani a ranar, ku faɗa masa amsar tambayoyin nan uku, ku karɓi sabo idan ya ce a sauya. Wanda za a zubar kuma a fara tambaya ko suna karɓar tsofaffin magunguna. Idan ba sa karɓa, a fitar da shi daga katinsa, a cuɗa da ƙasa, a ƙulle a leda kafin a sa a shara, yadda yaro ko dabba ba za su tsinta ba.